Daga Nima Zuwa Hong Kong: Inda Motar Farko Ke Ɓullowa Ta Hannun Dama

Duk wanda ya haura shekara 60 a unguwannin Nima da Maamobi da ke birnin Accra zai iya tuna ranar Lahadi, 4 ga Agusta, 1974. A wannan rana ce gwamnatin soja ta Kanar Acheampong ta sauya wa ƙasar Ghana hannun tuƙi, motoci suka bar gefen hagu na titi da aka gada daga Turawan Ingila, suka koma gefen dama. Kafin ranar ta zo an yi ta shela, har da taken da ya shahara da harshen Tuwi, wato “Nifa, Nifa Enan”, ma'ana dama, dama, ranar huɗu. Saliyo ta riga ta yi nata canjin a 1971, Nijeriya kuma ta biyo baya ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Gowon.

Dalilin canjin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ke cin kasuwar kan iyaka. Maƙwabtan Ghana uku, wato Togo da Kwaddibuwa da Burkina Faso (a lokacin ana kiranta Upper Volta), duk hannun dama suke bi tun zamanin Faransa. Direban da ya ɗauko goro ko albasa, da ya iso Aflao ko Paga sai ya sauya gefen titi. Haka abin yake a Jibiya da Illela da Kwangwalam kafin 1972: ɓangaren Nijeriya hagu, ɓangaren Nijar dama. A yau kuwa mutum na iya tashi daga Maraɗi ya bi ta Kano, ya gangara Legas, ya ratsa Kwatano da Lome har ya sauka a Nima ba tare da motarsa ta sauya hannu ko sau ɗaya ba.

Wannan sauƙi ya zo da wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Yawancin 'yan kasuwarmu na yau an haife su ne bayan canjin, ba su taɓa tsallake titin da ake bin hagu ba sai ranar da fatauci ya kai su wata ƙasa. Su kuwa irin waɗannan ƙasashe ba kaɗan ba ne, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya a cikinsu suke zaune. Akwai Birtaniya da Indiya da Pakistan da Tailan da Malesiya da Indunisiya da Japan. A nan Afirka akwai Kenya da Yuganda da Tanzaniya da Zambiya da Afirka ta Kudu da wasu maƙwabtansu. Saudiyya da Dubai da Turkiyya da Masar da Habasha irin namu suke bi, shi ya sa alhazai da masu sarin Dubai ba su cika cin karo da matsalar ba.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ƙasar Sin. A Guangzhou, inda 'yan Afirka ke cika unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, dama ake bi kamar a Accra. Amma Hong Kong, wadda Birtaniya ta mayar wa Sin a 1997, ta ci gaba da bin hagu, haka ma Macau. Ke nan ɗan kasuwa na iya karyawa a Shenzhen a kan titin dama, ya ƙetare iyakar Lo Wu da ƙafa, ya hau jirgin ƙasa, kafin azahar ya fito kan titin hagu, alhali babu wani abu a hanya da ya tuna masa cewa an juya.

Abin da wuya ya saba

Bari mu fara da abin da kowa ke yi ba tare da ya sani ba. Idan mutum ya tsaya a bakin babban titin Nima yana son ƙetarawa, layin da ya fi kusa da ƙafarsa motocinsa daga hagu suke zuwa. Sai ya wuce tsakiyar titi sannan ya shiga layin masu zuwa daga dama. Tun yana yaro ana aikensa sayen koko da ƙosai, wuyansa ya koyi juyawa hagu da farko, kuma ƙafarsa ta koyi sauka kan kwalta da zarar ido ya ga hagu babu komai. Duban dama kan biyo baya, sau da yawa bayan an riga an yi taku ɗaya ko biyu. A gida wannan ba ya jawo komai, tun da layin masu zuwa daga dama yana can gaba.

A ƙasar da ake bin hagu, komai ya juye. Layin da ke kusa da ƙafarka motocinsa daga dama suke zuwa, na can ƙetare kuma daga hagu. Baƙo zai dubi hagu kamar yadda ya saba, ya ga fili, domin motocin da ke wannan ɓangare sun riga sun wuce shi, ya sauke ƙafa, alhali motar da za ta iya buge shi tana bayan ƙeyarsa. Ba ƙauyanci ne ke jawo wannan ba. A watan Disambar 1931, Winston Churchill, wanda daga baya ya zama Firaministan Birtaniya, ya sauka daga tasi a birnin New York, ya dubi ɓangaren da ya saba dubawa a Landan, mota ta kwashe shi, sai da ya kwana a asibiti.

Akwai wata alama mai sauƙi da mutum zai gane ko ya dubi inda ya dace. Idan ka dubi layin da ke kusa da kai ka ga bayan motoci, ko jajayen fitilu da dare, to ka dubi inda hatsari ya riga ya wuce. Sai ka ga gaban mota, gilashi da farar fitila, sannan ka san idonka na kan masu zuwa. Wannan ma'auni ya fi haddar “dama ko hagu” amfani, domin yana aiki a kowace ƙasa, yana kuma aiki a kan titi mai hannu ɗaya inda hadda ke iya yaudarar mutum. Idan titin babu mota ko ɗaya a lokacin, a dubi kibiyoyin da aka zana a kan kwalta. Motocin da aka ajiye a gefe ba abin dogaro ba ne a ko'ina, domin a Birtaniya da rana direba na iya ajiye motarsa tana fuskantar kowane ɓangare.

Lissafin taku biyu

Wani zai ce ai kuskuren na sakan ɗaya ne, da zarar mutum ya waiwaya zai ja da baya, ko direba ya taka birki. Bari mu yi lissafin. Gudun da doka ta ƙayyade a yawancin titunan cikin gari a Ghana, haka ma a Hong Kong, shi ne kilomita 50 a awa. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Mai tafiya a ƙasa kuwa yana cin abin da bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Taku biyu daga bakin titi sun isa su sa mutum a gaban mota, kuma ba su ɗaukar fiye da sakan ɗaya da rabi.

Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ƙiyasta cewa ƙaramar motar da ke gudun mil 30 a awa, wato kimanin kilomita 48, tana buƙatar mita 23 kafin ta tsaya cak: mita 9 kafin ƙafar direba ta kai kan birki, mita 14 kuma bayan ya taka. Wannan a busasshiyar kwalta ke nan, da direban da hankalinsa ke kan hanya. Idan an yi ruwa, tazarar na iya ninkawa. Saboda haka idan baƙo ya sauke ƙafa lokacin da mota take mita 20 daga gare shi, tsawon motoci huɗu ko biyar a jere, ko direban ya gan shi nan take ba zai iya tsayawa kafin ya iso shi ba. Shi kuma direban can ba ya tsammanin wani zai shigo masa, domin ya ga mutumin tsaye, ya ɗauka ya gan shi.

Lissafin yana da ɓangare na biyu da ya shafi masu kaya. Titi mai layi biyu faɗinsa kan kai mita 7. Mutumin da ba ya ɗauke da komai zai ƙetare shi cikin sakan 6, kuma a wannan lokaci mota ta ci mita 80 da wani abu. Wanda ke jan akwati, ko ya saɓa jakar “Gana-mas-go” cike da takalma, zai ɗauki sakan 7 ko fiye, mota kuma ta ci kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo. Bugu da ƙari, kayan da ke kan kafaɗar dama suna toshe ainihin ɓangaren da ake buƙatar gani. Haka ma hular sanyi mai rufe kunne a Landan, ko lema a daminar Hong Kong, ko hijabin da ya zazzago gefen fuska. Wanda ke cikin irin wannan shiga sai ya juya kafaɗarsa gaba ɗaya, satar kallo da wutsiyar ido ba ta wadatarwa.

Daga masauki zuwa masallacin Juma'a

Mu ɗauki misali da ɗan kasuwar Maamobi da ya je sarin wayoyi, ya sauka a ginin Chungking Mansions da ke kan titin Nathan a unguwar Tsim Sha Tsui, ginin da ya daɗe da zama zangon fataken Afirka da Kudancin Asiya a Hong Kong. Ranar Juma'a ta zo, yana son zuwa babban masallacin Kowloon, wanda ke kan wannan titi ɗaya, tafiyar 'yan mintoci ta arewa, amma a ɗaya ƙetaren. Tafiya ce gajera, sai dai kusan duk tarkon da muke magana a kai yana cikinta.

Titin Nathan ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, masaukin nasa kuma yana gefen gabas. Da ya fito ƙofa ya fuskanci titi, motocin da ke gabansa kudu suka nufa, wato daga damansa suke zuwa, kuma da yawansu manyan bas-bas ne masu hawa biyu da ke bin dab da bakin dakalin masu tafiya a ƙasa. A nan ne za a yi taku biyun da muka lissafa. Abin da ya kamace shi shi ne ya tsaya taku guda baya da bakin dakalin, kada ya tsaya a kan leɓensa, domin wannan tazara ita ke ba kai damar tunani kafin ƙafa ta yi abin da ta saba.

A wuraren tsallakawa da dama a Hong Kong da Landan, hukuma ta rubuta da farin fenti a kan kwalta, dab da ƙafar mai tsallakawa, “dubi dama” ko “dubi hagu”, tare da kibiya. A Hong Kong rubutun da Turanci da Sinanci ne. Wanda bai iya karanta ko ɗaya ba ya bi kibiyar, ita ke nuna inda mota za ta ɓullo. Sannan akwai fitilar ba da hannu mai hoton mutum: ja a tsaya, kore a wuce, idan koren ya fara ƙyaftawa kada wanda bai fara ba ya fara. Fitilun can suna da ƙara da aka sa domin makafi, wadda ke sauri idan an ba da hannu. A Accra da yawanmu mun saba ɗaukar danja a matsayin shawara, idan ba mota sai a wuce. A Hong Kong tsallake titi a kan jar fitila laifi ne da tararsa ke iya kaiwa dalar Hong Kong 2,000, haka nan haura shingen ƙarfen da ke gefen titi ko tsakiyarsa.

Da ya kai tsakiyar titi, sai labari ya juya: motocin ɗaya ɓangaren arewa suka nufa, daga hagunsa suke zuwa. Abin mamaki, nan ma ana yin kuskure. Mutumin da ya yi ta nanata wa kansa “dama, dama” tun daga ɗaki, yakan ci gaba da duban dama bayan ya wuce tsakiya. A titin da ke da tsibiri a tsakiya, daidai shi ne a ɗauke shi tituna biyu: a tsaya a tsibirin, a sake duba daga farko. A wasu mahaɗu kowane rabi da tasa fitilar, kuma koren da ido ya hango a can ƙetare ba lallai ne na rabin da ke gabanka ba.

Yanzu ya hau dakalin gefen yamma ya nufi arewa. Motocin da ke kusa da shi su ma arewa suka nufa, wato daga bayansa suke tahowa, ta kafaɗar dama. Kafin ya isa masallaci sai ya ƙetare bakin titin Haiphong, kuma a irin wannan wuri ne tarko na uku yake. A Accra, wanda ke tafiya tare da motoci a gefen titi ya saba waiwayawa ta kafaɗar hagu don ganin mai shirin karya kwana dama ya shiga lungu. A can, mai karya gajeriyar kwana hagu yake yi, kuma ta kafaɗar dama za a gan shi. Doguwar mota idan tana shan irin wannan kwana, ƙafafunta na baya sun fi na gaba matsowa kusa da kusurwa, saboda haka tsayawa a kan ƙaryar kwana ba dabara ba ce. Ƙananan titunan unguwar kuma da yawansu hannu ɗaya ne, wani mota ta ɓullo daga dama, na gaba da shi ta ɓullo daga hagu. A nan ma'aunin gaban mota da bayan mota ke biyan kuɗinsa.

Akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, kuma ita muke ganin ta fi dacewa da baƙon da bai kwana biyu ba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Tsim Sha Tsui tana ƙarƙashin titin Nathan, tana da ƙofofi a ɓangarorin biyu, kuma ƙofar da aka yi wa lamba A1 dab da masallacin take fitowa. Mun san halinmu game da matakala. Mai kaya ba ya son hawa da sauka, shi ya sa ko a gida ake ganin mutane na ratsa titi a ƙarƙashin gadar sama. Amma mutanen Accra sun san abin da rashin gada ke jawowa: a watan Nuwambar 2018 mazauna Adenta sun tare babbar hanyar Madina saboda yawan mutanen da motoci ke kashewa a inda aka bar gadojin masu tafiya a ƙasa ba a kammala ba. Inda aka riga aka gina, a ƙasar da wuyanka bai san hannunta ba, minti biyu na matakala ba asara ba ne.

Ɗabi'un Nima da ba sa tafiya da mutum

Wanda ya san Nima ranar Laraba, ranar da Kasuwar Mamudu ke ci, ya san cewa gefen titi ba na mai tafiya ba ne. Teburan masu sayarwa da buhunan hatsi da baburan da aka jingine sun cinye shi, abin da ya rage kuma kwata ce a buɗe. Dole mutane su sauko kan kwalta, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da trotro, direba na danna ham, kowa na kaucewa. Abin yana tafiya ne saboda cunkoso ya hana gudu, kuma direban Nima ya san mutane na kan titi. Wannan sabo shi ne ya fi hatsari a ɗauka zuwa waje. A Hong Kong ko tsakiyar Landan, idan dakali ya cika da jama'a, baƙo kan sauko kan kwalta don ya wuce na gabansa, yana zaton motocin wannan layi daga gabansa za su zo ya gan su, alhali daga baya suke. Bas na wucewa tazarar kamu ɗaya ko biyu daga bakin dakali, kuma direbobin can ba su cika yin ham don gargaɗi ba.

Inda babu dakali sam, kamar a wajen gari a Kenya ko Indiya ko ƙauyukan Ingila, ƙa'idar ita ce a fuskanci motoci masu zuwa. A Ghana da Nijeriya da Nijar wannan na nufin bin gefen hagu na hanya. A ƙasar da ake tuƙi a hagu kuwa, gefen dama ake bi. Nan ma ba sai an yi hadda ba: idan motocin da ke gefenka suna wuce ka ta baya, kana gefen da bai dace ba.

Sai kuma ɗaga hannu. A Accra mai son tsallakawa kan ɗaga tafi ya haɗa ido da direba, idan direban ya rage gudu ko ya ƙyafta fitila sai a wuce. A can sitiyari na gefen dama na mota. Baƙon da ya dubi kujerar da ya saba, fasinja yake kallo, ko kujerar da ba kowa, kuma murmushin fasinja ba ya taka birki. Ko da direban layin farko ya tsaya, na layi na biyu bai yi maka alkawari ba, kuma motar da ta tsaya ta rufe masa kai.

Shi kansa farin zanen tsallakawa ba daraja ɗaya gare shi a ko'ina ba. A Birtaniya, inda ake kafa masa sanduna masu ƙwallon fitila ruwan ɗorawa, doka ta wajabta wa direba tsayawa da zarar mutum ya sa ƙafa a kai, kuma galibi suna tsayawa. A Bangkok ko Delhi hannun tuƙin ɗaya ne da na Landan, amma wanda ya dogara da zanen kaɗai ya yi ganganci. A birane da dama na Indiya da Tailan akwai mahaɗun da ake barin mai karya kwana hagu ya wuce ko da danja ta nuna ja, kamar yadda a Guangzhou ake barin mai karya kwana dama. A Bangkok ɗin ma ana iya cin karo da babur a kan dakalin kansa, duk da cewa doka ta hana.

Hawa da sauka

Ƙofar bas a can gefen hagu take, kuma tashar da za ka jira motar da ta nufi inda za ka tana ɗaya ƙetaren da ba ka zata ba. Abin da kan faru shi ne baƙo ya tsaya a gefen da ya saba, ya hango motarsa ta tsaya a can ƙetare, ya zabura a guje. Gudu kuwa shi ne lokacin da jiki ke komawa ga tsohon sabo ɗungurungum. Gara a bar ta ta wuce, wata na tafe. Kafin a tsaya jira, a dubi inda motocin wannan gefe suka fuskanta, a tambayi kai ko can ne aka nufa.

A tasi, ƙofar sauka ita ce ta hagu, wadda ke gefen dakali. Wanda ya zauna a baya ta dama ya buɗe ƙofar da ke kusa da shi kamar yadda ya saba a Accra, cikin layin motoci ya buɗe ta. Idan kuma an sauka daga bas ana son ƙetarawa, a jira ta tashi tukuna. Wanda ya bi ta gabanta, bas ɗin na damansa, ta rufe masa daidai inda masu wuce ta za su ɓullo. A tsibirin Hong Kong akwai ƙarin abin lura: taragun lantarki, waɗanda a yau masu hawa biyu ne, suna bin dogo a tsakiyar titi tun 1904, tashoshinsu da yawa a tsakiyar titin suke, saboda haka mai sauka daga cikinsu yana da layin motoci a gabansa kafin ya kai dakali.

Shatale-tale ma ya juye. A na Nima motoci na zagayawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo, a can kuwa tare da hannun agogo suke zagayawa, don haka bakin da ka ɗauka na shiga ne, na fita ne, inda direba ke ƙara wuta. Ba wurin tsallakawa ba ne ga baƙo, sai a matsa gaba zuwa inda aka tanada.

Lokacin da sabo ke dawowa

A ganinmu, ranar farko ba ita ce mafi hatsari ba, domin tsoro na sa mutum ya duba ko'ina. Sabo na dawowa ne idan hankali ya tafi wani wuri: ana lissafin canjin kuɗi a ka, ana waya da mai karɓar kaya a tashar Tema, an makara zuwa kamfanin aika kaya, ko barci bai saki mutum ba, tun da Hong Kong ta riga Accra da awa 8. Titin da ba kowa da asuba ya fi mai cunkoso yaudara, saboda babu motar da za ta tuna maka hannun garin, wadda za ta zo kuma da gudu za ta zo. Tafiya cikin ayari ma na da nata: na gaba ya samu rata ya wuce, na baya su bi shi ido rufe, alhali ratar mutum ɗaya ce. Idan da wanda za a bi, a bi 'yan gari, a tsaya ta gefensu da ke nesa da motoci masu zuwa.

Wasu matafiya kan mayar da agogo ko zobe hannun dama don tunatarwa, wasu kan furta “dama, hagu, dama” a fili kafin su sauke ƙafa. Furucin ya fi, domin yana tilasta tsayawa, kuma duban dama na biyu shi ke kama motar da ta ɓullo yayin da ake duban hagu. Wanda ya je da iyali, ko ya raka mara lafiya asibiti a Indiya, ya riƙe hannun yaro ko dattijo, kada ya dogara da cewa ya faɗa musu a masauki.

Wanda ya yi wata guda ko biyu a Landan ko Bangkok, wuyansa ya fara koyon sabon hannu, kuma da shi zai sauka a filin jirgin saman Accra, a gajiye, da kaya niƙi-niƙi. Haka ma wanda ya kwana huɗu a Hong Kong ya sake ƙetara Lo Wu zuwa Shenzhen, inda motar farko ta koma hagu, ga kuma baburan lantarki da ba a jin ƙararsu. A Nima da Maamobi kuwa, motar farko daga hagu take, amma ɗan okada na iya ɓullowa ta tsakanin trotro biyu da suka tsaya, ko ya biyo hannun da ba nasa ba, daga dama.